Zan kai wa mai shago wasiƙar aron injin sassaƙar ƙarfe da kayan walda, ku duba min ita

Auta Ringim: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina shekarar ƙarshe ta difloma a sashen kanikanci, mu huɗu aka haɗa a furojet ɗaya, injin casar masara. Injin sassaƙar ƙarfe na makarantarmu layi ya yi masa yawa, lokacin miƙa aiki kuma ya matso. Akwai wani Alhaji a nan yankinmu mai shagon walda, yana da injin sassaƙa guda ɗaya da injinan walda. Ga abin da na rubuta masa: "Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ni ɗalibi ne ɗan garin nan. Ina roƙon ka taimaka ka ara mana injin sassaƙar ƙarfe da injin walda da sauran kayan aiki na tsawon mako 2 domin aikin makaranta. Za mu kula da su mu dawo da su lafiya. Allah ya saka da alheri." Yayana yana da a-kori-kura, shi zai ɗauko mana su zuwa gida. Me ya kamata na ƙara?

Maman Khalifa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ladabi ya yi, amma wasiƙar ba ta da kwanan wata, ba sunan makaranta, ba sunan malamin da ke duba aikin. Ka kuma ce kai ɗan garin ne ba ka ce ɗan gidan wa ba. A ƙauye wannan shi ne farkon abin da zai tambaya.

Tsohon Makaniki: Auta, ajiye gyaran rubutu tukuna. Ka taɓa tsayawa kusa da injin Alhajin ka dube shi? Irin na shaguna, mai gado, wato doguwar shimfiɗar ƙarfen da ake aikin a kanta, kamar mita 1 da rabi, yakan kai tan 1, wani ma ya fi. A kan daɓen siminti yake zaune, an saita ƙafafunsa da ma'aunin ruwa har gadon ya miƙe sak. Ranar da kuka cira shi kuka ɗora a a-kori-kura kuka dire a tsakar gida, wannan saitin ya tafi. Gadon yakan ɗan murɗe, ido ba zai gani ba, amma kana sassaƙa rodi ka auna za ka tarar kai ɗaya ya fi ɗaya kauri. In ya koma shago sai an sake zama an saita shi, ka ga mako 2 ɗinka sun ja masa asarar da ta wuce mako 2. Nauyinsa kuma a sama yake, wajen lodi yakan kife, ya karya hannayen juyawa ko ƙafar mutum.

Sannan wuta. Yawancin irin waɗannan injina wuta mai layi uku suke ci, bolt 415. Ta gidanku layi ɗaya ce. Ko ya ba ka kyauta, kallonsa kawai za ka yi.

Abin da za ka roƙa shi ne lokaci a kan injin, a cikin shagonsa, a gaban yaronsa da ke aiki da shi. Wasiƙar nan in ta isa hannunsa a yadda take, zai gane ba ka san injin ba, amsar kuma "sai na yi shawara" ce.

Ɗan Gujungu: Nawa Alhajin ya yi masa kuɗi? Akwai wani a Ƙofar Ruwa da ke da na hannu guda biyu, ina iya haɗa ku.

Maman Khalifa: Ɗan Gujungu, yaro ɗalibi ne, aro yake nema. Kai komai sai ka mayar da shi ciniki.

Ɗan Gujungu: Au, to Allah ya ba da sa'a. Amma rodi da boris dai dole ya saya, Ƙofar Ruwa ɗin ce dai.

Auta Ringim: Baba Makaniki na gode. To injin walda fa? Shi ai ana ɗauka.

Mai Walda Taura: Ana ɗauka, ni ma nawa an ɗauka, shi ya sa na daina bayarwa. Wasu samari suka zo da magiya, aikin makaranta ne su ma. Na ba su ƙaramin injina mai inbata, wanda nake fita aikin ƙofofi da shi. Suka jona shi da janareton da bai kai ba, wuta tana hawa tana sauka, suka yi ta walda ba hutu. Da ya dawo, yana kunnuwa fanka tana juyawa, amma ba ya kama wuta. Wayar ƙasa an yanke ta an ƙulla, gilashin garkuwar ido ya tsage. Na tambaya, kowa ya ce a haka ya same shi. Kuɗin gyara daga aljihuna ya fita, iyayensu kuma muna haɗuwa a masallaci, ba damar magana. Kalmar nan "za mu kula da su" su ma ita suka faɗa min.

Don haka in ni ne Alhajin, abin da nake so na gani a takarda shi ne wa zai riƙe injin, da wace wuta, in ya lalace kuma wa zai biya. Sunan mutum ɗaya baligi, ba "mu ɗalibai" ba.

Injiniya Kazaure: Ina goyon bayan Baba da Mai Walda. Auta, faɗa mana ainihin abin da za a sassaƙa. Mako 2 ɗin nan a ina ka samo su?

Auta Ringim: Shaf ne guda ɗaya, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin injin, tsawon santimita 80. Muna da rodi mai kaurin milimita 30. Boris ɗinmu masu gida ne guda biyu, `UCP205`. Za a yi waldar haƙora a jikin shaf ɗin, su ne za su riƙa bugun masarar. Sai fuli, inda bel zai hau, a gefe ɗaya. Firam ɗin na ƙarfe mai kusurwa ne, inci 1 da rabi.

Injiniya Kazaure: To ka ga aikin injin sassaƙa bai kai yini ɗaya ba. Ramin `UCP205` milimita 25 ne, don haka kawunan rodin biyu za a rage daga 30 zuwa 25, inda boris zai zauna da inda fuli zai hau. Ga wanda ya saba, awa 2 zuwa 3 ne har da aune-aune. Wannan shi za ka rubuta masa, da lambobinsa, ka haɗa da zanen shaf ɗin a takarda ɗaya. Mai shago yana kallon zane zai lissafa lokacin da zai ci masa, ya san ko zai iya saƙala shi tsakanin ayyukan kwastomomi. "Sauran kayan aiki" kuwa ba ya lissafuwa, kuma abin da mutum ya kasa lissafawa ba ya cewa to a kansa.

Abba Sola: Ni ban ga dalilin wannan wahalar ba. Ku sayi rodi mai 25 kai tsaye ku zura a boris, ai yana da ƙananan kusoshi biyu da ake ɗaurewa su kama shaf. Ba injin sassaƙa, ba wasiƙa, ba roƙo.

Tsohon Makaniki: Abba ya faɗi rabi. In za a samu rodi mai sheƙi, wanda aka ja shi daidai awo tun daga kamfani, haka ne, yana shiga boris ɗin ba sai an taɓa shi ba, masu ƙera injin niƙa da yawa haka suke yi. Amma baƙin rodin da ake yankowa a kasuwa, wanda ake ce maka 25 ne, ba zagayayye ba ne sosai, ga ɓawo a jikinsa. Ko dai ya ƙi shiga ka kama shi da giranda ka ɓata, ko ya shiga yana lilo. Shaf mai lilo a cikin boris, da gudun injin casa, kusoshin nan ba sa daɗewa suke kwancewa. Kuma mai 30 da aka rage yana barin kafaɗa da boris zai jingina, shaf ba zai riƙa zamewa gefe ba. Tunda sun riga sun sayi mai 30, su tafi da shi.

Abba Sola: Na ji, amma fuli ai da raminsa ake sayar da shi.

Tsohon Makaniki: Wani da raminsa, wani da ɗan ƙaramin rami ne sai an buɗa shi daidai shaf. Auta ya auna nasa kafin ya rubuta. In sai an buɗa, ya sa a wasiƙar, aiki na biyu ke nan a kan injin.

Injiniya Kazaure: Akwai abin da ya fi wannan, shi ne wanne za a fara. Ɗalibai sukan kai shaf a sassaƙa shi tas, su dawo su yi waldar haƙora a kai. Walda tana zuba zafi a gefe ɗaya, in wurin ya huce sai ya tsuke ya ja ƙarfen, shaf ya lanƙwashe kaɗan. Kawunan da aka sassaƙa a kan layi ɗaya sun daina kallon juna. Kana tayar da injin sai ka ji firam yana rawa, boris yana zafi, bel yana tsalle. In kana son ka gane tun kafin ka haɗa, ɗora shaf ɗin a kan boris ɗinsa ka juya da hannu, ka matso da alli a hankali kusa da tsakiyarsa. In allin ya zana gefe ɗaya kawai ya bar ɗayan, ya lanƙwashe.

Yadda ake yi, zuwa biyu ne. Ranar farko a share fuskokin rodin biyu a huda ɗan ramin tsakiya a kowane kai. Dole a yi wannan tun rodin yana santalinsa, domin sai an zura shi ta cikin ramin injin, in haƙora suka hau ba zai shiga ba. Minti 30 ya isa. Sai a je a yi waldar haƙoran, ana yi ana tsallakawa, ɗaya a nan ɗaya a kishiyarsa, a bar shi ya huce da kansa, kada a zuba ruwa. Rana ta biyu a dawo a ɗora shi a kan ramukan nan biyu a sassaƙa mazaunin boris. Ko ya ɗan motsa a walda, mazaunan biyu za su fito a layi ɗaya. Saboda haka wasiƙarka kwana biyu za ta roƙa, da rata a tsakani.

Tsohon Makaniki: Injiniya, a takarda maganarka daidai ce, amma ni ba zan bar shaf mai haƙora ya juya a injina da ɗalibai huɗu tsaye a kai ba. Rodi mai 30 da wuƙar ƙarfe ta yau da kullum, wajen juyi 300 a minti ake ba shi. Haƙora masu tsawon yatsa suna wannan gudun, in suka kama hannun kaftani ba sa saki. Ni da zan ba su shawara, su yi waldar haƙoran a jikin bututu mai kauri, a zura shaf a ciki a ɗaure da kusoshi. Shaf bai ga wuta ba, zuwa ɗaya ya wadatar, in haƙori ya karye gobe manomi ya cire bututun kawai ya kai gyara.

Injiniya Kazaure: Baba, bututun ma sai an yi masa zobba biyu a kawunansa an buɗa su daidai shaf, aikin injin ya ƙaru ke nan. Kuma zanen da malaminsu ya sa wa hannu ba su da ikon canza shi a zaure.

Tsohon Makaniki: Sai su koma wurin malamin. Alhajin ma da ya ga zanen zai faɗi nasa, ka bari ka gani.

Auta Ringim: Zan nuna wa malam duka biyun. Amma akwai matsala: ana ba mu maki a kan abin da muka yi da hannunmu. In yaron Alhaji ne ya sassaƙa, ai ba aikinmu ba ne.

Mai Walda Taura: Kada ka sa wannan a matsayin sharaɗi. Ka rubuta cewa in ya amince kana so ka kama hannu a ƙarƙashin kulawar yaronsa, in bai amince ba za ku tsaya ku kalla ku riƙa awo. Yankan farko, na rage ƙarfe, zai iya barinka. Yankan ƙarshe, inda ake neman 25 cif ko ƙasa da ita da ɗan ƙiris, ba na jin zai bari, kuma kai ma bai kamata ka so ba. In ka zarce, ƙarfe ba ya komawa, sabon rodi za ku saya.

Maman Khalifa: Ni dai a ganina duk wannan a baki ya fi. Alhaji mai shago a ƙauye, ka aika masa takarda kamar ofis? Ya ɗauki mahaifinsa ko kawunsa su je bayan la'asar su gaisa, magana ta ƙare.

Injiniya Kazaure: Hajiya, a je da babba ɗin, wannan dole ne, kada ma ya aika yaro da ita. Amma takardar tana da aikinta. Alhaji ba kullum yake shago ba, yaransa ne a wurin, ita za su gani su san abin da aka amince da shi. In wani abu ya ɓace kuma, ita za a duba ba rantsuwa ba. A rubuta da Hausa domin ya karanta da kansa, a liƙa ta makaranta mai hatimi da sa hannun shugaban sashe a bayanta.

Mai Walda Taura: A kan walda kuma, shawarata ita ma a yi ta a shagon. Babban injinsa mai taransifoma ba abin ɗauka ba ne, kuma janareton gida ba ya ja. Ƙaramin mai inbata ne kaɗai ake fita da shi, shi ma yana son janareto kamar mai `5 kVA`, ba ɗan ƙaramin nan na kunna fitila da fanka ba. Ku sayi sandar walda taku, `6013` geji 12, ita ta dace da ƙarfen firam ɗinku, wuta tsakanin amfiya 60 zuwa 90. In ka ga sanda tana manne wa ƙarfe wuta ta yi kaɗan, in tana huda shi ta yi yawa. Ku zo da faifan yanka da na gogewa na giranda, da man janareto. Mai shago ya fi jin zafin waɗannan ƙananan abubuwan, domin su ne ke ƙarewa ba a gani.

Abu biyu kuma don kanku. Kada a maƙala wayar ƙasa ta yadda wuta za ta bi ta cikin boris, tana cin ƙwallayen ciki, daga baya ka ji yana gurnani. A cire boris kafin walda. Kuma ku huɗu ne, garkuwar ido ɗaya ce. Ukun da ke leƙe su ne za su kwana suna hawaye kamar an zuba musu yashi a ido, kuma sai dare yake tashi. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya hanawa.

Auta Ringim: Ga yadda na sake ta:

"Ranka ya daɗe Alhaji, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya da iyali, ni ne ɗan wane na unguwa kaza, ɗalibin shekarar ƙarshe a sashen kanikanci. Ni da abokan karatuna uku muna ƙera injin casar masara, takardar makaranta da zanen aikin suna haɗe da wannan.

Muna roƙon alfarmar yin aiki a cikin shagonka, ba za mu fita da komai ba. A injin sassaƙa, rodi ɗaya ne mai kaurin milimita 30, tsawon santimita 80. Ranar farko a share kawunansa a huda tsakiya, kamar minti 30. Rana ta biyu a rage kawunan zuwa milimita 25, kamar awa 3. A tsakaninsu muna neman yini 2 na walda da giranda domin firam da haƙora. Ranaku da lokaci, duk wanda ka ga ba zai tare maka aiki ba.

Ƙarfe, sandar walda, faifan giranda da man janareto duk namu ne, za mu kuma sallami yaron da ka haɗa mu da shi. Ba za mu taɓa inji ba sai yana tsaye. In ka yarda na kama hannu a wani ɓangaren aikin, zan yi murna, in ba hali za mu tsaya mu koya. Mutum biyu kawai za su riƙa shiga a lokaci ɗaya. Duk abin da ya lalace ta dalilinmu, kawuna wanda ya sa hannu a ƙasa ya ɗauki nauyin gyara ko biya. Allah ya ƙara buɗi."

Maman Khalifa: Yanzu ta zama wasiƙa. Sa kwanan wata a sama da lambar wayar kawun. Ni da na cire maganar sallamar yaro, kada Alhaji ya ga kamar ana yi masa ciniki a shago.

Mai Walda Taura: A'a Hajiya, a bar ta. Yaron nan da abin da ya samu a yini yake cin abinci, awa 3 ɗin daga cikin nasa aka cira. In Alhaji ya ga dama ya ce a bari, wannan nasa ne.

Tsohon Makaniki: Ƙara layi ɗaya: za ku zo da riga mai gajeren hannu da takalmi rufaffe, ba zobe ba agogo, kuma ba safar hannu a kan injin sassaƙa, ta walda ce kawai. Zai san an koya muku wani abu. Fulin fa, da me zai kama shaf? In da ki ne, wato ɗan guntun ƙarfen da ake sakawa a rami tsakanin shaf da fuli, ramin ki ba aikin wannan injin ba ne a yadda aka saba, wani inji ne daban ke yanka shi, kuma ban jin Alhajin yana da shi.

Auta Ringim: A zanenmu ki ne, milimita 8. Ban san ko yana da injin ba, sai na tambaya in mun je. Kawu ya ce Litinin, don ranar Lahadi Alhajin yana kasuwar Gujungu.

Injiniya Kazaure: In ba shi da shi, ko dai ku kai shaf ɗin Kano a yanka muku bayan an gama sassaƙa, ko ku nemi izinin malam a shafe gefe ɗaya na kan shaf da giranda a ɗaure fuli da kusoshi biyu. Ga ƙaramar motar jan inji mai ƙarfin doki 1 ko 2 wannan yana riƙewa. Wace mota za ta ja injin naku, ta lantarki ce ko ta fetur?